Aikin Ƙarfi Mai Canzawa: Yadda Ake Samunsa Daga Filin da Ke Ƙarƙashin Giraf

A kimiyyar fiziks, ana cewa ƙarfi ya yi aiki idan ya gusar da wani abu daga wuri zuwa wuri ta fuskar da yake turawa ko yake ja. Idan ƙarfin bai canza ba daga farkon tafiyar har ƙarshenta, lissafin mai sauƙi ne: a ɗauki ƙarfin sau tazarar da abin ya gusa, wato W = F × d. Harafin W yana wakiltar aiki, F ƙarfi, d kuma tazara. Ana auna ƙarfi da niyuton, alamarsa N, tazara da mita, aiki kuwa da jul, alamarsa J. Jul ɗaya shi ne aikin da ƙarfin niyuton ɗaya ya yi idan ya gusar da abu mita ɗaya. An raɗa wa ma'aunin wannan suna ne don girmama James Prescott Joule, masanin kimiyya ɗan Ingila da ya rayu daga 1818 zuwa 1889. Mutumin da ya ɗaga buhu mai nauyin niyuton 100 zuwa tsayin mita 2 ya yi aikin jul 200.

Sai dai ƙarfin da ba ya canzawa ba shi da yawa a rayuwa. Mai ɗana baka yana jin tsirkiya tana ƙara tauri yayin da yake janta zuwa kunnensa. Mai jan guga daga rijiya mai zurfi yana jin nauyi yana raguwa yayin da igiya take taruwa a ƙafarsa. Sifirin ɗin mota yana ƙara turjiya gwargwadon yadda kaya suka danne shi. A duk waɗannan wurare tambaya ɗaya ce take tasowa: wane ƙarfi za a sa a cikin lissafin, na farko ko na ƙarshe? Ko wanne aka ɗauka shi kaɗai, amsa za ta fito ba daidai ba. Mafita ita ce a zana giraf na ƙarfi da tazara, sannan a auna girman filin da ke ƙarƙashin layinsa. Wannan filin shi ne aikin.

Dalilin da ya sa fili yake zama aiki

A irin wannan giraf ana sa tazara a layin kwance, ƙarfi kuma a layin tsaye. Kowane ɗigo a kan zanen yana nuna yawan ƙarfin da ake yi a daidai lokacin da abin ya kai wani wuri a tafiyarsa. Idan ƙarfin bai canza ba, layin giraf zai miƙe a kwance, bai hau ba bai sauka ba, abin da ke ƙarƙashinsa kuma zai zama siffar akwati mai kusurwa huɗu. Tsayin akwatin shi ne ƙarfi, faɗinsa shi ne tazara. Girman filin akwati kuwa tsayi ne sau faɗi, wanda shi ne dai ƙarfi sau tazara. Ke nan ga ƙarfin da ba ya canzawa, fili da aiki lissafi ɗaya ne aka yi ta hanya biyu.

Idan ƙarfin yana canzawa, layin zai karkata ko ya lanƙwasa, akwati guda ba zai dace da shi ba. Dabarar da ake yi ita ce a yanka tazarar gutsi-gutsi. A cikin ɗan gajeren yanki, kamar santimita ɗaya, ƙarfin ba ya samun damar canzawa sosai, don haka ana iya ɗaukarsa a matsayin tsayayye a wannan ɗan wurin. Aikin da aka yi a yankin shi ne ƙarfin wurin sau faɗin yankin, wato filin wani siririn akwati da ke tsaye a ƙarƙashin layin. Idan aka jera irin waɗannan siraran akwatuna daga farkon tafiya zuwa ƙarshenta aka tara filayensu, an tara aikin kowane yanki ke nan, jimillar kuma ita ce aikin duka. Haka mai awon gona yake yi idan iyakarta ta bi karkatar rafi: ya auna ta kunya-kunya, kowace da tsawonta, sannan ya haɗa.

Da farko kan akwatunan ba ya bin layin daidai. Wani ya ɗan zarce shi, wani ya ɗan gaza. Amma duk lokacin da aka ƙara sirantar da yankunan, wannan giɓin yana ƙara ƙanƙancewa, har ya zama jimillar akwatunan ba ta da wani bambanci da ainihin filin da ke ƙarƙashin layin. Wannan tunani shi ne tushen reshen lissafi da ake kira kalkulas, wanda Isaac Newton da Gottfried Leibniz suka kafa a ƙarni na 17, kowa ta hanyarsa. Masu kalkulas suna rubuta shi a taƙaice kamar haka: W = ∫ F dx. Ma'anar rubutun ba ta wuce abin da aka bayyana ba, wato a tara ƙarfi sau ɗan guntun tazara a tsawon tafiyar gaba ɗaya. Wanda bai karanci kalkulas ba yana iya samun amsa da rula da takardar giraf.

Abin lura shi ne filin da ake magana a kansa ba a auna shi da santimitar takarda. Ma'auninsa yana fitowa ne daga abin da aka rubuta a layukan biyu: niyuton a tsaye, mita a kwance. Niyuton sau mita kuwa jul ne. Giraf ɗaya da aka zana babba a allon aji ko ƙarami a littafi aiki ɗaya yake nunawa, muddin lambobin da ke jikin layukan ba su canza ba.

Jan guga daga rijiya

A ɗauki rijiyar da ke da tazarar mita 20 daga saman ruwa zuwa bakinta. Guga cike da ruwa yana da nauyin kilogiram 10. Jan duniya a kan kowane kilogiram ya kai kusan niyuton 9.8, amma don sauƙin lissafi akan ɗauke shi 10, don haka gugan niyuton 100 ne. Igiyar kauri gare ta kuma ta jiƙe, a ce kowace mita tana da nauyin niyuton 2. Mai ja yana tsaye a bakin rijiya yana ja a hankali, da gudu iri ɗaya, ba fizga.

A lokacin da gugan ya bar ruwa, duk igiyar mita 20 tana reto a cikin rijiya. Nauyinta niyuton 40 ne, don haka hannun mai ja yana ɗauke da niyuton 140. Da ya jawo mita 5, wannan ɓangaren igiyar ya kwanta a ƙasa, ba ya cikin nauyin da ake ɗagawa, ƙarfin ya sauka zuwa 130. A rabin hanya ya zama 120, a mita 15 ya zama 110, a bakin rijiya kuma gugan kaɗai ya rage, niyuton 100. Idan aka ɗiga waɗannan lambobi a giraf, za su jeru a miƙaƙƙen layi mai gangarowa daga 140 zuwa 100.

Siffar da ke ƙarƙashin wannan layi ita ce tirafiziyam: gefuna biyu a tsaye, ɗaya ya fi ɗaya tsawo, da rufi mai gangare. Ana samun filinta idan aka haɗa gefunan biyu, aka raba biyu, sannan aka yi sau faɗi. Haɗa 140 da 100 ya ba da 240, rabinsa 120, sau mita 20 ya zama jul 2,400. Wannan shi ne aikin da aka yi wajen fito da guga ɗaya.

Ana iya tabbatar da amsar ta wata hanya, a yanka siffar gida biyu. A ƙasa akwai akwati mai tsayin 100 da faɗin 20, filinsa 2,000, shi ne aikin ɗaga gugan kansa. A samansa akwai alwatika mai tsayin 40 da gindin 20. Filin alwatika rabin gindi ne sau tsayi, wato 400, shi ne aikin ɗaga igiya. Wannan 400 ma tana da ma'ana a zahiri: guntun igiyar da ke kusa da bakin rijiya kusan bai hau komai ba, wanda ke ɗaure da guga ya hau mita 20 cur, a matsakaici igiyar ta hau mita 10, niyuton 40 sau mita 10 kuma 400 ne. Hanyoyin sun haɗu a amsa ɗaya.

Da an yi amfani da ƙarfin farko kaɗai, da an sami 2,800, ƙarin 400 a kan gaskiya. Da an yi amfani da na ƙarshe kaɗai, da an sami 2,000, an manta da igiya ke nan gaba ɗaya. Giraf ne ya ba kowace mita ta tafiyar ƙarfin da ya dace da ita.

Idan gugan yana yoyo, layin zai ƙara gangare. A ce kafin ya iso sama ya zubar da lita 2 na ruwa, kaɗan-kaɗan daidai wa daida a kowace mita. Lita 2 kilogiram 2 ne, wato niyuton 20, don haka ƙarfin ƙarshe zai zama 80. Matsakaicin 140 da 80 shi ne 110, sau 20 ya ba da jul 2,200. Amma guga ya fi yoyo lokacin da yake cike, sannan ya lafa yayin da ruwan yake raguwa. A wannan hali layin ba zai miƙe ba, zai lanƙwasa, kuma ɗaukar matsakaicin farko da ƙarshe ba zai wadatar ba. Matsakaici irin wannan yana aiki ne kawai idan layin miƙaƙƙe ne.

Sifirin da dokar Hooke

Sifirin shi ne misalin da ya fi yawa a littattafan makaranta, domin girafinsa yana da tsari mai kyau. Masanin Ingila Robert Hooke ya bayyana a 1678 cewa miƙewar sifirin tana tafiya daidai da ƙarfin da aka ja shi da shi: a ninka ƙarfi, miƙewa ta ninka. Ana rubuta dokar F = kx, inda x yake nufin miƙewa, k kuma taurin sifirin, wato niyuton nawa ake bukata don kowace mita ta miƙewa. A kan wannan doka sikelin rataye yake aiki, shi ya sa layukan jikinsa suke da tazara iri ɗaya.

Girafin sifirin miƙaƙƙen layi ne da ya tashi daga sifili yana hawa. Filin ƙarƙashinsa alwatika ne, gindinsa x, tsayinsa kx. Rabin gindi sau tsayi ya ba da W = ½kx². Wannan rabin da ke cikin lissafin daga siffar alwatika ya fito: ƙarfin ya fara daga sifili ya kai ƙololuwa, matsakaicinsa kuma rabin ƙololuwar ne.

A ce sifirin yana da tauri niyuton 200 a kowace mita. Idan aka miƙa shi santimita 10, wato mita 0.1, ƙarfin zai tashi daga sifili zuwa niyuton 20. Filin alwatikan rabin 0.1 ne sau 20, wato jul 1. Idan aka ci gaba da ja aka ƙara wata santimita 10, ƙarfin zai tashi daga 20 zuwa 40. Wannan yanki na biyu tirafiziyam ne, matsakaicin ƙarfinsa 30, sau 0.1 ya ba da jul 3. Tazarar iri ɗaya ce, amma aikin ya ninka sau uku, saboda a zango na biyu sifirin ya riga ya ɗame tun kafin a fara. Jimillar aikin miƙa shi santimita 20 jul 4 ne. Ninka miƙewa sau biyu yana ninka aiki sau huɗu, sau uku kuma yana ninka shi sau tara.

Aikin nan bai salwanta ba. Yana ajiye a jikin sifirin a matsayin makamashi, kuma yana fitowa idan aka sake shi. Amma dokar Hooke tana da iyaka. Idan aka ja sifirin fiye da kima, layin giraf zai daina miƙewa ya fara lanƙwasa, daga nan ½kx² ba ta da amfani. Idan aka ƙara wuce gona da iri, sifirin ba zai koma tsawonsa na asali ba ko an sake shi. Ka'idar fili kuwa tana nan daram: aikin da aka yi har yanzu shi ne filin ƙarƙashin layin, sai dai a auna shi ta wata hanya.

Idan layin ya lanƙwasa: misalin baka

Baka ba ya bin dokar Hooke sau da ƙafa, domin itacensa yana lanƙwasa, kusurwar tsirkiya ma tana canzawa yayin da ake ja. Don a san makamashin da ya tara, sai an yi awo. Ana ɗaure bakan a wuri mai ƙarfi, a maƙala ƙugiyar sikelin rataye a tsakiyar tsirkiya, a shimfiɗa rula a gefe. Sai a ja santimita 10 a karanta sikeli, a ƙara 10 a sake karantawa, har a kai inda maharbi yake tsayawa. Idan sikelin kilogiram yake nunawa, ana mayar da shi niyuton ta hanyar yin sau 10.

A ce awon wani baka ya ba da waɗannan lambobi: a farko sifili, a santimita 10 niyuton 60, a 20 niyuton 110, a 30 niyuton 150, a 40 niyuton 180, a 50 kuma niyuton 200. Ƙarin da ake samu a kowane zango yana raguwa, daga 60 zuwa 50, 40, 30, 20, don haka layin ya hau da sauri da farko sannan ya fara kwantawa, ya yi tozo.

Hanya ta farko ita ce a ɗauki kowane zango a matsayin ƙaramin tirafiziyam mai faɗin mita 0.1. A zangon farko matsakaicin ƙarfi 30 ne, aikinsa jul 3. A na biyu matsakaicin 60 da 110 shi ne 85, aikinsa jul 8.5. Na uku ya ba da 13, na huɗu 16.5, na biyar 19. Jimilla jul 60. Da an ɗauki bakan kamar sifirin aka ja miƙaƙƙen layi daga sifili zuwa 200, da alwatikan ya ba da jul 50 kawai, an yar da tozon ke nan. Da kuma an yi 200 sau 0.5, da an sami 100, kusan ninki biyu na gaskiya.

Hanya ta biyu ita ce ƙidayar gidaje a takardar giraf. Da farko a gano darajar gida ɗaya. Idan tsayin kowane gida yana wakiltar niyuton 20, faɗinsa kuma mita 0.1, gida ɗaya jul 2 ne. Sai a ƙidaya gidajen da suke cikakku a ƙarƙashin layin. Waɗanda layin ya ratsa, idan abin da ke ƙasa ya kai rabi ko ya fi, a ƙidaya shi ɗaya, idan bai kai ba a bar shi. Ƙari da ragi sukan cinye juna. A wannan baka za a sami gidaje wajen 30, wato jul 60 ko kusa da haka.

Duka hanyoyin biyu kintace ne mai kyau, kuma ana iya sanin ɓangaren da kuskurensu ya karkata. Idan layin mai tozo ne, rufin kowane tirafiziyam yana bi ta ƙarƙashin tozon, don haka amsar za ta ɗan gaza gaskiya. Idan layin mai kwari ne, amsar za ta ɗan zarce. Maganin duka biyun shi ne a yawaita awo, a karanta sikeli kowace santimita 5 maimakon 10. Idan aka yi haka amsar ba ta canza sosai ba, an san an kusa da gaskiya.

Wannan awo yana nuna wani abu da maharba da masu ƙera baka suka damu da shi. Bakuna biyu suna iya kai wa niyuton 200 a ƙarshen ja, amma wanda layinsa ya fi tozo ya fi tara makamashi, domin filinsa ya fi girma. Taurin ƙarshe kaɗai ba ya faɗin abin da baka ya tara. Kuma ba duka jul 60 ɗin ne suke shiga kibiya ba: wani kaso yana tafiya wajen motsa itacen bakan da tsirkiya, wani ya zama kaɗawa da ƙara da ɗumi.

Fili a ƙasan layin kwance, da fili tsakanin layi biyu

Ƙarfi yana da fuska. Idan yana tura abu ta inda abin yake tafiya, aikinsa ƙari ne ga makamashin abin. Idan yana adawa da tafiyar, kamar birki ko gogayyar taya da ƙasa, aikinsa ragi ne. A giraf ana zana irin wannan ƙarfi a ƙasan layin kwance, filinsa kuma ana cire shi ne daga na sama. Idan giraf ya nuna fili na jul 50 a sama da na jul 20 a ƙasa, aikin da ya tabbata jul 30 ne. Idan kuma girafin na jimillar duk ƙarfin da ke kan abin ne, wannan 30 ita ce ƙarin makamashin motsi da abin ya samu, daga nan ana iya lissafa gudunsa.

Akwai kuma abubuwan da layin miƙa su daban yake da layin sakinsu. Danƙo shi ne sanannen misali. Idan aka auna ƙarfinsa yayin miƙawa, sannan aka sake aunawa yayin da ake sassauta shi a hankali, layin dawowa yana bi ta ƙasan layin tafiya. Filin ƙarƙashin layin sama shi ne aikin da aka sa a ciki, na ƙarƙashin layin ƙasa shi ne wanda danƙon ya mayar, filin da ke tsakaninsu kuma shi ne makamashin da ya zama zafi. Wannan yana cikin dalilan da suke sa tayar mota ɗaukar zafi a doguwar tafiya, domin robarta tana lotsewa tana dawowa a kowane juyi.

Injiniyoyi sun daɗe suna cin gajiyar wannan ka'ida. A ƙarshen ƙarni na 18, a kamfanin James Watt da ke Ingila, an ƙirƙiro wata na'ura da ke zana matsin tururi a cikin silinda yayin da fistin yake kai da kawo. Matsi sau faɗin fuskar fistin ƙarfi ne, don haka zanen ɗan'uwan girafin ƙarfi da tazara ne. Fensirin na'urar yana zana rufaffiyar siffa a kowane zagaye, filin cikinta kuma yana nuna aikin da injin ya yi a wannan zagayen. Har yau da irin wannan zane ake nazarin injinan fetur da na dizal.

Kurakuran da aka fi yi da yadda ake gane su

Kuskure na farko shi ne barin tazara a santimita. Niyuton sau santimita ba jul ba ne, amsar za ta ninka gaskiya sau ɗari. Idan lissafi ya nuna cewa miƙa ɗan ƙaramin sifirin na tebur ya ci jul ɗaruruwa, alhali ɗaga guga daga rijiya mai mita 20 jul 2,400 ne, to a koma a duba ma'auni.

Na biyu shi ne rashin duba inda layin tsaye ya fara. Wasu zane-zane suna farawa daga wata lamba, kamar 80, don a rage ɓarnar takarda. Wanda ya ƙidaya gidajen da yake gani kawai ya bar babban akwati a ƙasa wanda ba a zana ba. Dole a auna fili har zuwa sifilin ƙarfi.

Na uku shi ne rashin karanta abin da ke layin kwance. Idan lokaci ne aka rubuta a wurin, filin ba aiki ba ne. Ma'auninsa niyuton ne sau daƙiƙa, yana nuna canjin da aka samu a zafin tafiyar abin, wato nauyinsa na kilogiram sau gudunsa. Zanen biyu suna iya kama da juna a ido, amma abin da suke aunawa daban ne. Haka kuma gangaren layi da filin ƙarƙashinsa abubuwa biyu ne: a girafin sifirin, gangare yana ba da tauri, fili yana ba da aiki.

Na huɗu ya shafi sifirin da aka riga aka miƙa. A misalin baya, wanda ya sa 0.1 a cikin ½kx² don neman aikin zango na biyu zai sami jul 1 maimakon 3. A wannan lissafi x miƙewa ce daga tsawon asali. Don samun aikin wani zango na tsakiya, sai a cire filin ƙaramin alwatika daga na babba, 4 a cire 1.

Na biyar shi ne fuskar ƙarfi. Abin da ake sa wa a layin tsaye shi ne kason ƙarfin da ya bi hanyar tafiya. Idan ana jan kaya a ƙasa da igiyar da ta karkata sama da digiri 60, rabin ƙarfin ne kawai yake jan kayan gaba, don haka rabin ne zai shiga giraf. Ƙarfin da ya gitta hanyar tafiya a tsaye ba ya yin aiki ko kaɗan.

Daga ƙarshe, filin yana auna aikin da aka yi a kan abin ne, ba ya auna gajiyar mai yi. Maharbin da ya ɗame baka ya riƙe shi minti guda zai ji hannunsa yana rawa, domin tsokarsa tana ƙona makamashi, amma tsirkiya ba ta gusa ba, faɗin filin sifili ne, don haka babu ƙarin aiki a kan bakan. Girafin kuma ba ya faɗin tsawon lokacin da aikin ya ɗauka. Mai guga ko ya fito da shi cikin daƙiƙa 20 ko cikin minti ɗaya, muddin ja ne na daidai ba fizga, aikin jul 2,400 ne.

Tsarin bin kowace matsala irin wannan ɗaya ne. A tabbatar ƙarfi yana tsaye a niyuton, tazara tana kwance a mita, kuma awon ya fara daga sifili. A ware iyakar farko da ta ƙarshen tafiyar da ake tambaya. Idan layin miƙaƙƙe ne, a yanka filin zuwa akwati da alwatika da tirafiziyam. Idan lanƙwasasshe ne, a yi ƙananan tirafiziyam ko a ƙidaya gidaje. A tara filin sama, a cire na ƙasa. Abin da ya rage shi ne aikin da ƙarfin ya yi, a ma'aunin jul.